Babi na Shida: Takardar da Ake Rubutawa Kafin a Kunna Kyamara

Ɗaurin aure ba ya ɗaukar lokaci. Daga sanda wakilin ango ya buɗe baki ya nema wa ɗansu aure, zuwa sanda jama'a suka shafa Fatiha, sau da yawa ba a cika minti goma ba, kuma kalmomin da suka ɗaura auren kansu ba su kai minti biyu ba. An yi watanni ana shiri, an kai lefe, an yi jere, an ɗinka anko, duk domin waɗannan mintoci biyu. Mai ɗaukar bidiyon da ya iso yana neman inda zai kafa ƙafafun kyamara a daidai wannan lokaci ya riga ya yi asara, don babu wanda zai tunkari liman ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a maimaita."

Ni na taɓa yin wannan asarar, a farkon shigata sana'ar. Na sami wuri mai kyau a cikin masallaci, hoto ya fito tas, amma na dogara da makirfon da ke jikin kyamara da lasifikar masallacin. Da aka zo bayar da aure sai waliyyi, dattijo mai sanyin murya, ya yi magana ba tare da an miƙa masa makirfo ba. Na dawo gida da hoton leɓensa yana motsi, ba abin da ake ji sai fanka da tarin mutane. Amaryar ba ta wurin, kamar yadda aka saba, tana cikin gida tare da mata. Abin da ta fi so ta ji a fim ɗin shi ne muryar baffanta yana cewa ya bayar, kuma shi ne abin da ban kawo mata ba. Har yau abin yana yi mini ciwo. Tun daga ranar ban ƙara zuwa biki ba tare da takarda a aljihu ba.

Fim ɗin da ake magana a kansa a nan ba dogon faifan nan ba ne na awa uku da ake zuba komai a ciki. Gajere ne, minti biyar zuwa bakwai, wanda ake turawa ta waya ga dangin da ke Jidda ko Kumasi ko Yamai, wanda kuma ma'auratan za su riƙa komawa gare shi. Minti shida daƙiƙa 360 ne. Idan kowane yanki na hoto zai zauna daƙiƙa uku ko huɗu, yankuna ɗari ke nan ko kusa da haka. Biki kuwa kwana uku ne ko huɗu. Saboda haka aikin takardar shi ne zaɓe, kuma tambayar da nake zaɓe da ita guda ɗaya ce: wane abu ne yake faruwa sau ɗaya tak, ba ya maimaituwa?

Zanen lalle a hannun amarya, zobe, takalmi, kwalaben humra, jeren ɗaki, babbar rigar ango a rataye, duk waɗannan suna jira. In haske bai yi ba yanzu, za a ɗauka anjima. Amma bayar da aure, guɗar farko da za ta tashi a cikin gida idan labari ya iso cewa an ɗaura, faɗan da uba zai yi wa 'yarsa kafin a fita da ita, takunta na farko a ƙofar gidan miji, waɗannan ba sa jiran kowa. A takardata ina ja musu layi da jan biro. Yawancin masu koyon aikin suna ɓata ƙarfinsu a kan rukunin farko, domin shi ne mai sauƙi, shi ne kuma yake yin kyau a Instagram. Sai a gama fim ya cika da leshi da gwal, amma babu abin da zai sa uwar amarya ta ce a mayar mata baya.

Bari in ɗauki biki guda in bi shi daki-daki, irin wanda ake yi a Kano kowane mako. Gidan su amarya yana cikin birni, wajen Gwale. Gidan da za a kai ta yana Hotoro. Ranar Alhamis kamu, Juma'a bayan an sauko daga masallaci ɗaurin aure, Asabar yini da rana, da dare a kai amarya. An nemi fim na minti shida.

Mako guda kafin bikin nake zuwa gidan, ba da kyamara ba. Ango ne ya biya kuɗin aikin, amma ango bai san yadda bikin zai gudana a cikin gida ba, kuma sau da yawa amaryar ma ba ta sani ba. Wadda ta sani ita ce uwar biki, galibi gwaggo ko ƙanwar uwa, sai kuma babbar ƙawa. Su nake zama da su. Nakan ce, "Hajiya, wa zai yi kamun? Daga wane ɗaki za a fito da ita? Wa zai yi mata faɗa, kuma a ina?" Sannan tambayar da ta fi kowace nauyi: "Wace ce ba ta son a ɗauke ta?" A kowane gida akwai matan aure da mazansu ba su yarda hotonsu ya fita ba, akwai kuma waɗanda su da kansu ba sa so. A rubuta su tun yanzu, a nuna wa mai ɗauka su a ranar. Cire fuskar mutum ɗaya daga tsakiyar rawa bayan an gama tacewa aiki ne mai cin rai, kuma in fim ya riga ya shiga wayoyi babu mai iya dawo da shi.

Daga wannan zaman ne ake gane cewa mutum ɗaya ba zai iya aikin ba. Ranar Juma'a abubuwa biyu mafiya daraja suna faruwa a lokaci guda a wurare biyu: maza suna masallaci, mata suna gida suna jiran labari. Namiji ba zai shiga ɗakin uwar amarya ya tsaya da kyamara ba, in ma an bar shi, fuskokin za su canja, mayafai su rufe. Dole a sami mace mai ɗauka a cikin gida. Ba sai da babbar kyamara ba. Waya mai kyau da ƙaramar rakoda a hannun wadda ta san abin da take jira sun fi kayan miliyoyi a hannun wanda aka tsayar a zaure. A takardarta an rubuta abu ɗaya da jan biro: daga ƙarfe biyu, kada ki bar kusa da uwar amarya da amarya, kuma kada ki kashe rakoda har sai an yi guɗa.

A masallaci kuwa, shirin yana farawa tun kafin huɗuba. Babban abokin ango yakan haɗa ni da waliyyi da wakili, in gaishe su in nemi izini: "Baba, don Allah zan maƙala maka wannan a riga, domin yarinyar ta ji muryarka." Ban taɓa ganin dattijon da ya ƙi ba idan aka faɗa masa haka. Ƙaramin makirfon ana maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa. Babbar riga tana da nata sharrin: shadda mai sitaci tana ƙara idan ta gogi makirfo, kuma dattijo yakan saɓa hannun riga a kafaɗa ya rufe shi ruf. Don haka wuyan 'yar ciki ya fi, inda saɓawar ba ta kaiwa. Rakoda ta biyu ina ajiye ta a kan darduma a tsakiyar da'irar, kusa da tiren goro da dabino, domin ta kama liman da duk wanda ya yi magana ba zato. A kunna su duka tun kafin a zauna. Katin ajiya ba ya ƙarewa da sauti, awa guda ba ta kai ko gigabait biyu ba, amma hannun da zai je kunnawa bayan an fara ba zai sami hanya ba.

Kyamara tana tsayawa ta gefen da za ta ga fuskar waliyyi da ta wakili tare, ba bayan liman ba. Abin da ake jira sananne ne: nema, bayarwa, karɓa, ambaton sadaki da miƙa shi, inda za ka ji an ce lakadan ba ajalan ba, sai addu'a, sai tafukan hannu suna shafa fuska. Daga nan sanƙira ya ɗaga murya ya shelanta wa waɗanda ke waje. Wannan shelar tana cikin jan layi, domin ita ce gadar da za ta kai mai kallo daga masallaci zuwa cikin gida: muryar sanƙira ta faɗi sunayen, a yanke, wayar gwaggo ta yi ƙara, guɗa ta tashi. Abu ɗaya da za a tambaya tun da wuri shi ne ko iyalin suna son adadin sadakin ya fito a fim. Wasu suna so, wasu suna ganin tonon asiri ne.

Guɗa tana da wahalar kamawa. Sauti ne mai tsini da ke zuwa ba sallama, kuma in an saita rakoda daidai da hirar mutane, guɗar za ta buge ƙololuwar ma'auni ta fashe, ta koma kamar ana yaga ƙyalle. Fasasshen sauti ba ya gyaruwa yadda ake so a wurin tacewa. Ga magana ina barin ma'aunin yana kaiwa wajen -12 dB, amma a ɗakin da ake jiran guɗa sai a sauke shi sosai, a kuma ja da baya taku uku ko huɗu daga mai guɗar. Sababbin rakodoji masu 32-bit float sun rage wannan fargabar, amma ko da su, a sa abin sauraro a kunne. Wanda ba ya jin abin da rakodarsa take ɗauka ba zai san waya ta saki ba sai ya koma gida.

Yanzu hira da dangi, inda na fi ganin ana tafka kuskure. Masu koyo suna kwaikwayon finafinan bikin Turawa, inda uwa take zama gaban kyamara ta yi ta yabon 'yarta har da hawaye. A gidan Bahaushe kunya ba za ta bari ba. In amaryar 'yar fari ce, uwar ba za ta ko kama sunanta ba, balle ta yabe ta a gaban baƙo. Ka matsa mata, abin da za ka samu shi ne, "To, Allah ya ba su zaman lafiya," ta kawar da kai. Ba wai ba ta da abin faɗa ba ne. Hanyar faɗarsa ce daban. Ita uwa addu'a za a nema a wurinta, ba labari ba, kuma mace ce za ta nema, a ɗakinta, ƙofa a rufe. Addu'ar uwa ta daƙiƙa goma sha biyar, in an bar ta ta yi ta da muryarta ta yau da kullum, tana iya ɗaukar ƙarshen fim gaba ɗaya.

Labari yana wurin waɗanda al'ada ta sake wa baki. Na farko kaka. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, don haka kakar amarya za ta kira ta kishiya, ta ce angon ai nata ne an ƙwace mata, ta ba da labarin rashin jin yarinyar tana ƙarama, duk gidan ya kwashe da dariya. Kakan ango namiji haka zai ce amaryar tasa ce. Sai gwaggon da ta riƙe ta, sai taubashi, sai babbar ƙawa da babban aboki, waɗanda suka san yadda aka haɗu. A bikin Gwale mutum biyar na rubuta: kaka, gwaggo, babbar ƙawa, babban aboki, da uwa domin addu'a. Kowanne minti goma, kuma daga kowanne abin da zai shiga fim bai wuce daƙiƙa ashirin ba.

Tambayar da ake yi ita take yanke irin amsar da za a samu. "Yaya kike ji yau?" ba ta haifar da komai sai "Alhamdulillahi." A tambayi rana guda, abu guda. "Gwaggo, ranar da aka fara kawo miki ita, shekararta nawa, me ta zo da shi?" "Kaka, wane abinci ne in kin dafa ba ta bari ya kwana?" Ga aboki: "Ranar da kuka fara zuwa zance, wa ya yi sallama?" Idan an yi tambaya sai a yi shiru. Kada a ce "haka ne" ko "ƙwarai" a tsakiyar maganar mutum, domin muryarka za ta hau kan tasa ba ta ciruwa. Gyaɗa kai ya isa. In ya gama, a ƙara jira daƙiƙa biyar. Sau da yawa maganar da za ta shiga fim a cikin wannan shirun take fitowa, bayan mutum ya ɗauka an gama.

Lokacin hirar ma a rubuce yake. Ba a yin ta ranar yini, sa'ad da gwaggo take rabon abinci, ana kiranta ta ko'ina. Safiyar Alhamis kafin kamu ko hantsin Juma'a sun fi. A nemi ɗaki mai labule da katifa ko kafet, nesa da janareta, a zaunar da mutum yana fuskantar taga, a roƙi a kashe fanka na minti goma ko da ana zafi. Kafin a tashi, kowa ya yi tsit na rabin minti a ɗauki shirun ɗakin. Kowane ɗaki yana da nasa shirun, kuma da shi mai tacewa zai cike gurbin da ya yanke, don kada sautin ya riƙa tsinkewa.

Sauran sautukan bikin nakan ɗauke su daban da hoto, rakoda a hannu, kowanne kamar minti ɗaya. Kiɗan ƙwarya a tsakar gida. Kalangu idan an kira makaɗa, da kirarin maroƙi yana jero asalin gidan, wanda jikoki za su so ji wata rana. Ƙarar ludayi a tukunya da asuba, awarwaro a hannun amarya, yara suna rububin alewa a ƙofar masallaci, kiran sallar Magariba daga nesa, hon ɗin motocin kai amarya. Da waɗannan ake sa mai kallo ya ji yana wurin. Suna da wani amfanin kuma: waƙar mawaƙi da aka ɗora ba da izini ba tana iya sa YouTube ko Instagram su toshe fim ɗin ko su kashe masa sauti, amma kiɗan ƙwaryar gidanku ba mai ƙwace shi. In da mai sa kiɗa a wurin yini, a roƙe shi a jona rakoda da na'urarsa kai tsaye, a gwada tun kafin mutane su taru. Tsayawa gaban lasifika da kyamara ba ya ba da komai sai gurnani.

Ta fuskar hoto, abu biyu kawai zan sa a wannan takardar. Wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, don haka a saita kyamara a 25p da saurin ƙiftawa 1/50, ko 50p da 1/100 ga abin da za a rage wa gudu. In aka bar ta a 30p ko 60p, kamar yadda wayoyi da yawa suke zuwa, za a iya ganin haske yana rawa ko ratsi yana bin hoton a ƙarƙashin fitilun ɗakin taro, musamman in janareta ce take ja. Na biyu, hoton 4K mai nauyin 100 Mbps yana cin kusan gigabait 45 a awa. A lissafa katuna da batura da wannan, a kuma kwafe aikin kowace rana a wuri biyu kafin a kwanta.

Akwai batun liƙi, wanda a da ba ma tunaninsa. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa takardun naira ko taka su a wurin biki, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 an ga hukumar EFCC ta gurfanar da mutane bisa bidiyon da ya yaɗu. Fim ɗinka zai iya zama hujja a kan kawun amarya. A faɗa wa iyalin wannan tun a zaman farko, a rubuta abin da suka yanke.

Daren Asabar shi ne mafi nauyi a takardar, kuma mafi ƙarancin haske. Ana kai amarya gaban mahaifinta lulluɓe, ya yi mata faɗa, a kai ta wurin uwa, sannan a fito. A nan ba na son fitila mai ƙarfi, ba na son kyamara a fuskar mai kuka. Mai ɗaukar tana tsayawa daga bakin ƙofa, rakoda kuwa an riga an ajiye ta kusa da kujerar uban tun kafin a shigo, da saninsa. Hannun gwaggo a kan kafaɗar amarya, gefen mayafi, ƙafafu suna ƙetare dokin ƙofa, sun isa, muryar uban za ta yi sauran. Wani uban zai ce faɗan nan tsakaninsa da 'yarsa ne. In ya ce haka, a kashe komai, a jira a waje.

Daga Gwale zuwa Hotoro dole a ratsa gari, ayarin motoci kuma ba ya tafiya a jere. Saboda haka mutum na biyu yana barin gidan amarya rabin awa kafin a fito, ya je ya tsaya a ƙofar gidan ango, ya duba ko akwai wuta, ya saita haskensa. Zai ji hon tun daga kan kwana. Abin da ke rubuce a gabansa shi ne buɗe ƙofar mota, muryar tsohuwar da za ta ce a shiga da ƙafar dama a yi bismillah, da takun kansa. Buɗar kai da sayen baki suna zuwa daga baya, kuma ko za a ɗauke su ya danganta da abin da ma'auratan suka ce.

Idan na zauna tacewa, sauti nake fara jerawa, allon hoto babu komai. Daƙiƙa ashirin na asuba da ludayi da muryar kaka. Kamu da kiɗan ƙwarya har zuwa minti ɗaya da rabi, gwaggo da ƙawa suna magana a kai. Masallaci minti ɗaya da 'yan kai, babu kiɗa ko kaɗan a ƙarƙashinsa. Shelar sanƙira da guɗa. Yini da rawa kamar minti ɗaya da rabi. Sauran na daren Asabar ne, a rufe da addu'ar uwa a kan hoton ƙafar da ke shiga gida. Nakan rufe ido in saurari mintoci shidan daga farko zuwa ƙarshe. In akwai inda na rasa gane ranar da nake ciki ko ɗakin da nake, nan ne nake komawa cikin rakodojin in nemo sautin da ya ɓace, kafin in ɗora hoto ko guda.